Tabon da bai kamata ya fito a hoto ba

A ƙarshen 2014, bayan an tarwatsa Mubi, mutane suka yi ta kwararowa Gombe, wasu a bayan manyan motoci, wasu da ƙafa. Ni ina aikin sa-kai da wata ƙungiyar agaji, aikina ɗaukar hoton yaran da suka rabu da iyayensu.

Babba zai faɗi sunansa da garinsu da unguwarsu. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu kuwa, in ka ce "wace ce mamarka?" sai ya ce "Inna", shi ke nan. Irin wannan yaron, hoto ne ke magana a madadinsa. Haka Red Cross ta yi a Ruwanda bayan 1994, ta buga littattafan hotunan ƙananan yara ana zagayawa da su.

Yadda aka koya mana: a tsayar da yaro a jikin bango mara zane, cikin inuwa, a cire hula, ya dubi kyamara. Ba a rubuta suna ko inda yake zaune, lamba kawai a ɗan allo. Sauran bayanai, wato inda aka tsince shi, kayan jikinsa da duk wata alama, suna cikin takarda a kulle. Da su ake gwada duk wanda ya zo ya ce nasa ne.

Nan na yi kuskure. Wani yaro da aka tsinta a tasha yana da tabon ƙuna a hannun dama, ni kuma na ba shi allon ya riƙe, tabon ya fito ƙarara. Da wata baiwar Allah ta ga hoton ta fashe da kuka ta ce ɗanta ne, har ta ambaci tabon. Shugabar aikinmu ta ja ni gefe ta ce, "Malam, shaidar da kowa ya gani a hoto ai ta daina zama shaida."

Ban taɓa ɗaukar matar a maƙaryaciya ba. Uwar da ta yi wata biyu tana nema, kowace fuska ta ɗanta ce, ga shi yunwa da aski suna sauya kamannin yaro. Sai muka koma tambayoyi: sunan da ake kiransa a gida, sunan yayyensa. Babu wanda ya dace. Muka jera hotonta cikin na mata biyar muka nuna masa, ya wuce ta bai ko tsaya ba. Ranar na kasa cin abinci.

Bayan wata uku wani dattijo a Yola ya ga hoton ya gane shi, ya ce jikansa ne. Ya faɗi sunan wasan yaron, ya ce akwai wani tabo a bayan kunne, wanda hoto bai nuna ba amma yana cikin takardarmu. Da aka nuna wa yaron hoton dattijon, ya ɗora yatsa ya ce "Kaka."

Tun daga lokacin a wuya nake rataya wa yaro allon, hannuwansa a ƙasa.