Firiza ko dutsen guga, wa ke cinye yunit ɗin?

Wannan maganar da ku nake ƙannena masu shirin buɗe shago, musamman in mita ɗaya za ku yi tarayya da maƙwabci. Ni dai na sha kunya a kai.

Lokacin da na buɗe shagon kayan masarufi a Tudun Wada mita ɗaya muke ja da wani tela, dattijo ne, Baba nake ce mai. Rabi da rabi muke haɗa kuɗi, amma kullum kafin wata ya ƙare mita ta fara kuka, ni kuwa na riga na yanke hukunci cewa dutsen gugarsa ne, tunda kowa ya san dutsen guga na shan wuta. Har na faɗa mai magana mara daɗi, ya ce "yaro je ka lissafa kayanka tukuna." Wallahi a lokacin ko ma'anar yunit ban sani ba, lodawa kawai nake yi.

Wani mai wayarin ne ya zaunar da ni. Ya ce kowane kayan wuta akwai takarda manne a bayansa ko a ƙasansa, ka nemi lamba mai W a gefe, shi ne wat ɗinsa. Ka ninka wat da awannin da abin ke aiki a rana, ka raba da 1000, abin da ya fito shi ne yunit, wanda mita ke rubutawa kWh. Wato abu mai wat 1000 in ya yi awa ɗaya ya ci yunit ɗaya. In takardar ba W sai A kawai, ninka lambar da 230, za ka samu kusan wat ɗin, ko da yake a abu mai moto yakan ɗan haura gaskiya.

Na ɗauko bayan kwalin biskit na fara. Ƙwan fitila huɗu masu wat 15, wat 60 kenan, awa 10, ya ba ni 600. Fankar sama wat 75 awa 12, 900. Sai firiza mai wat 150, kuma nan na sake tafka kuskure, na ninka da 24 tunda ba na cire ta daga soket, na samu 3600 gabana ya faɗi. Mai wayarin ya yi dariya ya ce da farko ma wutar awa 24 kuke samu? Na biyu firiza ba ta aiki a jere, kwamfuresa ce ke cin wutar, in ciki ya yi sanyi sai ta tsaya, daga baya ta sake tashi. Ya ce zauna kusa da ita ka saurara. Haka na yi, da agogon waya a hannu kamar mai jinya, ina jin ƙugin nan ya tashi ya mutu, na ga cikin awa 16 da muke samun wuta wajen awa 10 take yi. 1500 kenan. Amma fa ku lura wannan ba ya zama ɗaya, zafin Maris da Afrilu ga yara na buɗe murfi kowane minti suna neman fiya wata mai ƙanƙara, kwamfuresa ba ta hutawa kamar lokacin hunturu, haka in robar bakin murfin ta saki.

Na haɗa ya zama 3000, yunit uku, na fara murna. Sai ya nuna butar dafa ruwa a ƙarƙashin kanta ya ce wannan fa? Ko a raina ban sa ta a lissafi ba don shayi ne kawai safe da yamma. Muka juya ta, wat 2000. Ni da yaron shago da abokai masu zuwa hira, a rana tana yin rabin awa, 1000 cif, ta fi fankar da ke juyawa wuni guda. Jimla 4000, yunit huɗu a rana, 120 a wata.

Kada ku tsaya a takarda, ku gwada da mita. Mun rubuta ragowar yunit da safe, washegari daidai lokacin muka sake dubawa, bakwai suka tafi. Lissafin Baba, dutsen guga wat 1000 da shi ma yake kunna kansa yana kashewa, wajen awa biyu, da fanka da fitila da keke, ya kama kusan uku. Huɗu da uku, ya yi daidai da mita. Da an ga tazara mai yawa to ko an manta wani abu ko wani na jan layin a ɓoye.

Ashe duk watannin nan Baba ne ke biya min wani ɓangare na wutata ina zarginsa. In kuna so ku ga abin a naira, ku raba kuɗin da kuka loda da yunit ɗin da ke kan risit, farashin yunit ɗaya kenan. Mu dai tun daga nan a duk dubu bakwai ni huɗu shi uku, na ba shi haƙuri da goro, shayi kuma ya koma sau ɗaya ake dafawa a zuba a filas.