Minti Goma Gaban Manyan Manajoji: Fara da Giɓin da Aka Samu

Ƙanena, in aka ce ka zo ka gabatar da rahoton cinikin wata uku a gaban manyan manajoji, aka ba ka minti goma, to ka sa a ranka minti shida ko bakwai ne naka. Sauran na tambayoyi ne, kuma ba za su jira ka gama ba kafin su jefo su. Mai magana a natse yakan furta kalma 120 zuwa 150 a minti ɗaya, ka ga duk jawabinka da ƙyar zai kai kalma dubu. Wanda ya shigo da shafi ashirin don haskawa a allo ya riga ya makara tun bai buɗe baki ba.

Ni kaina haka na yi ta yi a farkon aikina. Sai in fara da godiya, in bi da yadda kasuwa take, in bi yanki-yanki, kaya-kaya, in ajiye labarin cewa ba mu cika adadin da aka ɗora mana ba sai can ƙarshe, wai don in lallaɓa su tukuna. Ashe shugaban sashen kuɗi ya riga ya ga jimillar tun kafin zaman. Duk surutun da nake yi, su jira suke su ga yaushe zan faɗa, kuma jinkirin nan ya sa suka ɗauka ɓoyewa nake yi. Wata rana babban manaja ya katse ni ina tsakiyar bayani ya ce, “Malam, mun cika ko ba mu cika ba?” Daga nan ban sake komawa kan shafukana ba, lokaci ya ƙare ina amsa tambayoyin da ban shirya musu ba.

Abin da ya kamata ya fito daga bakinka a minti na farko shi ne nawa aka sayar, nawa aka ɗora muku, da girman giɓin. Bari mu ɗauki misali, ka sa kowane irin kuɗi kake lissafi da shi. An tsara za ku sayar da kaya guda 100,000 a kan 5,000 kowanne, wato miliyan 500. Da wata ukun suka cika, guda 95,000 kuka sayar, kuma in aka daidaita, a kan 4,800 kowanne ya tafi. Jimilla miliyan 456. Sai ka ce: “Ranka ya daɗe, mun sayar da na miliyan 456, an ɗora mana 500, saura 44, wajen kashi 9 cikin 100. Dalilai uku ne, kuma akwai shawara ɗaya da nake neman amincewarku a kai.” Ka gama buɗewa ke nan.

In cinikin bara a daidai wannan lokaci miliyan 430 ne, kana iya ƙarawa da cewa an samu ƙarin kusan kashi 6. Amma ka sa shi bayan giɓin, kada ka fara da shi, don sun san wannan dabarar. Kuma ka gwada da irin waɗannan watannin na bara maimakon wata ukun da suka gabata, saboda yawancin kaya suna da lokacin tafiya da lokacin kwanciya.

Inda aikin yake shi ne fasa miliyan 44 ɗin nan, kuma a nan za ka kashe mafi yawan mintocinka. Giɓin ciniki ta hanya biyu yake shigowa: ko kayan da suka fita sun gaza yawan da aka tsara, ko an sayar da su ƙasa da farashin da aka tsara. A misalinmu an rasa guda 5,000, ka ninka da farashin tsari na 5,000, miliyan 25 ke nan daga ƙarancin yawa. Sannan kowane ɗaya daga cikin 95,000 da aka sayar ya tafi da ragin 200, wato miliyan 19 daga rangwame. Haɗa 25 da 19 ka samu 44 daidai. In ka haɗa naka bai ba ka jimillar giɓin ba, kada ka shiga ɗakin, akwai abin da ba ka gano ba tukuna.

Kada ka tsaya a nan. Cikin guda 5,000 ɗin, a ce 3,000 odar wani babban kwastoma ce da aka kai masa a makon farko na zangon wata uku da ya biyo baya. Wannan miliyan 15 jinkiri ta yi, tana nan tafe. Guda 2,000 da suka rage, na miliyan 10, su ne cinikin da ya kuɓuce da gaske. Yanzu duba yadda labarin ya sauya. Da ka ce “kasuwa ce ta yi sanyi”, da ka faɗi abin da ba shi ne ba, domin kaso mafi girma daga rangwamen da mutanenku suka yi da hannunsu ya fito. Ni na sha fakewa da sanyin kasuwa, ba don ƙarya ba, sai don ban zauna na yi wannan ɗan lissafin ba. Rangwame kuwa ya fi ciwo, saboda kuɗin sayen kayan ko ƙera su bai ragu ba, duk miliyan 19 ɗin daga riba aka yanke ta.

Wani abin da ya taɓa kunyata ni shi ne alƙalumana sun saɓa da na akanta. Ni na ƙirga duk odar da aka sa wa hannu, shi kuma abin da aka kai aka rubuta wa takardar biya kawai ya ƙirga, ya kuma cire kayan da aka dawo da su. Ba wanda ya yi ƙarya, amma rabin lokacina ya tafi a gardamar wace lamba ce daidai. Kwana ɗaya ko biyu kafin zaman, ka je wurin mutanen kuɗi ku daidaita, ka kuma rubuta a ƙasan shafi wane irin ƙirge ka yi.

Shafi huɗu sun isa: jimilla da giɓi, fasa giɓin, hasashen zango mai zuwa, sai abin da kake nema. Kan kowane shafi ka rubuta cikakkiyar magana, kamar “Rangwame ya ci miliyan 19”, domin mai duba wayarsa ma in ya ɗago ya gane. A hasashe kuma ka yi hattara da miliyan 15 ɗin nan. Za ta kumbura zango mai zuwa, to ka faɗa musu tun yanzu cewa tsohon ciniki ne, kada a ɗauke ta a matsayin bunƙasa a ɗora muku adadi a kanta.

Roƙonka ya zama abin da za a iya cewa e ko a'a a kai nan take. Misali, duk rangwamen da ya wuce kashi 5 sai shugaban sashen ciniki ya sa hannu, daga farkon wata mai kamawa. Ka tabbata ka kai nan kafin minti na bakwai. Teburan yanki-yanki da na kaya-kaya ka ajiye su a bayan shafi na huɗu, ka buɗe in an tambaya. In kuma aka tambaye ka lambar da ba ka riƙe ba, kada ka ƙiyasta a tsaye. Ka ce za ka turo ta kafin a tashi aiki gobe, ka rubuta a gabansu, sannan ka tura.