Abin da teburin lm ya koya mini game da nauyin mota da shan mai

Darasin da ya fi zauna mini a karatun ƙididdiga shi ne cewa taurarin da manhajar R ke jerawa a gefen teburin sakamako su ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya duba. Na koyi hakan ne da bayanan `mtcars`, wato motoci 32 da aka ɗauko daga mujallar Motor Trend ta shekarar 1974. Umarnin `lm` da ke ƙasa yana jan miƙaƙƙen layi ne don hasashen shan mai daga nauyin mota, `summary` kuma ya fitar da teburin.

```r
summary(lm(mpg ~ wt, data = mtcars))
```

A layin `wt`, ƙarƙashin `Estimate`, za a ga -5.3445. Wannan adadi ba shi da ma'ana sai an san ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin `wt` nauyi ne da ake ƙirgawa da fam dubu-dubu, `mpg` kuwa mil nawa mota ke ci da galan ɗaya. Ke nan duk ƙarin fam dubu yana tafiya ne da raguwar kimanin mil 5.3 a kowane galan. Kusa da shi akwai `Std. Error`, 0.5591, wanda ke nuna yadda adadin zai riƙa sauyawa da a ce wasu motocin aka zaɓo. Idan aka raba na farko da na biyu sai a sami `t value`, -9.559, kuma daga nan aka ciro `Pr(>|t|)` da taurarinsa. Abin da taurarin ke cewa kawai shi ne, da babu dangantaka, da wuya a sami sakamako irin wannan. Girman dangantakar kuwa sai `Estimate` ya faɗa.

Layin `(Intercept)`, 37.2851, hasashe ne na motar da nauyinta sifili ne, alhali mafi sauƙi a cikinsu ta haura fam 1,500, saboda haka ban cika tsayawa a kansa ba.

Ɗalibai sun fi son `Multiple R-squared`, 0.7528, wato kason bambancin shan mai da nauyi ya bayyana, amma a ganina `Residual standard error` ya fi amfani, domin yana magana da ma'aunin da aka sani: 3.046 na nufin hasashen yakan kauce da kusan mil uku. Adadin 30 da ke gabansa kuwa motoci 32 ne aka cire adadi biyu da aka ƙiyasta.

Sai sashen `Residuals` da ke can sama, wanda ido kan tsallake. Kaucewa mafi ƙasa -4.5432 ce, mafi sama kuwa 6.8727, kuma ta Fiat 128 ce, wadda aka yi wa hasashen kusan mil 25.5 alhali tana cin 32.4. Wannan rinjaye zuwa gefe ɗaya shi ke sa a kira `plot()`, inda ake ganin cewa motoci marasa nauyi sosai da masu nauyi sosai duk sun fi abin da aka yi musu hasashe, na tsakiya kuma akasari sun gaza. Dangantakar lanƙwasasshiya ce, kuma miƙaƙƙen layin da aka ja bai bi ta ba, duk da taurari ukun da `wt` ya samu.