Alama ta ce in saya, in shiga? Amsar da ba a bar ni na bayar a aji ba

Na bar cibiyar da nake koyar da kasuwancin kirifto da canjin kuɗaɗe, kuma yanzu bakina ya buɗe. Akwai tambayar da kusan kowane sabon ɗalibi yake yi a makonsa na biyu, bayan ya iya ɗora RSI, ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi, a kan allon farashi. Amsar da aka umarce mu mu riƙa bayarwa ita ce "eh, amma ka yi haƙuri ka bi tsari". Wani ƙanena da ya fara koyo kwanan nan ya jero mini tambayoyinsa a kan wannan, ga su nan da amsoshin da nake ganin su ne gaskiya.

*Yaya, RSI ya sauka ƙasa da 30. An ce wannan alamar saye ce. In shiga?*

A'a, ƙanena, wannan kaɗai bai isa ba. Bari ka fara sanin abin da lambar take faɗa. J. Welles Wilder ne ya fito da RSI a 1978, kuma lissafinsa a kan kyandir 14 na baya yake, kowane kyandir yana nuna motsin farashi na wani tsayayyen lokaci. Ana ɗaukar matsakaicin hawan farashi da matsakaicin saukarsa a auna su. Idan RSI ya nuna 30, ma'anarsa a cikin kowane kashi goma na motsin da farashi ya yi kwanan nan, bakwai sauka ne, uku hawa. Iyakar labarin da yake ɗauke da shi ke nan. Ya gaya maka masu sayarwa sun fi ƙarfi a 'yan kyandiran da suka wuce. Bai ce sun gaji ba, bai ce akwai mai saye da ke jira a ƙasa ba.

Idan kasuwa tana kai-komo tsakanin iyakoki biyu, sau da yawa farashi yakan juyo bayan RSI ya taɓa 30, kuma daga nan mutane suke ɗaukar cewa doka ce. Amma idan kasuwa ta kama hanyar faɗuwa da gaske, RSI yana iya zama a ƙasa da 30 na tsawon lokaci farashi yana ta zubewa. Ka tuna kuɗin kirifton nan LUNA a watan Mayun 2022. A farkon watan tana kusan dala 80, kafin tsakiyar watan ko santi ɗaya ba ta kai ba. Duk tsawon wannan rugujewa RSI yana ƙasa, yana nuna wai an sayar fiye da kima. Wanda ya saya a dala 30 don RSI, da wanda ya saya a dala 5 don RSI, duk rami ɗaya suka faɗa. Matsalar tana can wajen UST, 'yar'uwar LUNA da aka tsara ta tsaya a dala ɗaya, da ta rabu da darajar dala, kuma babu yadda lissafin kyandir 14 zai san da wannan.

*To idan na haɗa RSI da wasu alamomin, Stochastic da MACD, duk suka ce saye fa?*

Nan ne ogana ya fi samun ɗalibai. Yakan tsaya gaban aji ya ce "shaidu uku sun yarda, me kuke jira?" Amma duk ukun daga farashi ɗaya ake lissafa su, kuma duk saurin motsinsa suke aunawa. Kamar ka kawo shaidu uku gaban alƙali ne, sai aka bincika aka ga duk daga bakin mutum ɗaya suka ji labarin. Idan kana son ƙarin hujja, ka nemo wadda take amsa wata tambaya daban. Ina kasuwar ta dosa a babban lokaci, wato a D1 mai kyandir na kwana ɗaya ko H4 mai na awa huɗu? Farashi yana sama da matsakaicin farashin kwana 200 ko yana ƙasa? Wurin da farashin ya tsaya yanzu, masu saye sun taɓa tare shi a nan? Akwai wani babban labari da ake jira, kamar sanarwar kuɗin ruwa ta babban bankin Amurka? Ka ga waɗannan ba maimaicin juna suke yi ba.

Tunda na ambaci ogan, bari in faɗi abin da ya raba mu. Yana da wata alama da yake sayar wa ɗalibai, mai fitar da koren kibiya idan lokacin saye ya yi, ja idan na sayarwa ne. Idan ka ja allo baya, kowace kibiya tana zaune daidai ƙasan rami ko saman tudu, abin gwanin sha'awa. Wata rana na zauna na zuba mata ido a M15, mai kyandir na minti 15, kasuwa tana tafiya. Koren kibiya ta fito, farashi ya ci gaba da sauka, sai kibiyar ta ɓace. Bayan kyandir huɗu ta sake fitowa a ƙasa. Wato alamar tana goge kurakuranta, ta bar waɗanda suka dace kawai. Na ɗauki hoton allon kafin da bayan ɓacewar na kai masa ofis. Ko kallon wayar bai yi da kyau ba, ya ce ni aikina koyarwa ne ba bincike ba.

Daga baya na fahimci dalili. Duk ɗaliban ta hannunsa suka buɗe asusu wajen dillali, kuma yana da la'ada a kan kowane ciniki da suka buɗe, sun ci ko sun faɗi. Malamin da ke cewa "ku jira, wannan bai isa ba" yana rage masa kuɗin shiga ne. Da wasu ɗalibai suka ƙona kuɗinsu suka zo da ƙorafi, a gabansu ya ce ni ne na rikita su da yawan sharuɗɗa har suka kasa bin kibiya a kan lokaci. Ɗaya daga cikinsu kuɗin adashin mahaifiyarsa ne ya saka. Har yau idan na tuna yadda yaron nan ya kalle ni a ranar, raina yana ɓaci. Abin da nake riƙe da shi shi ne, ban taɓa tsayawa gaban aji na ce kibiyar nan gaskiya ce ba.

Saboda haka duk alamar da aka ba ka, ka jira kyandir ya rufe kafin ka yarda da ita. Ko RSI na gaskiya yana iya nuna 28 a tsakiyar kyandir, ya rufe a 35. Kuma ka zauna ka kalle ta kasuwa tana motsi, ka ga ko abin da ta nuna ɗazu yana nan.

*Idan haka ne, yaushe zan shiga?*

Sai ka iya rubuta lambobi uku kafin ka taɓa maɓalli: inda za ka shiga, inda za ka fita idan hasashenka bai yi ba, da inda za ka ɗauki riba. Bari mu yi misali da lambobi masu sauƙi.

A ce kana da dala 500, ka yanke ba za ka yi asarar fiye da kashi 1 cikin ɗari a ciniki ɗaya ba, wato dala 5. Akwai wani kwabon kirifto da a D1 yake sama da matsakaicin kwana 200, kuma kowane ramin da ya yi ya fi na baya tudu. A H4 ya sauko wajen 98, inda masu saye suka taɓa juyo da shi a baya. RSI ya taɓa 28, sannan kyandir ya rufe a farashin 100, RSI ya koma sama da 30. Yanzu alamar tana da ma'ana, domin ta zo a kasuwa mai hawa kuma a wurin da ake tsammanin masu saye.

Ina za ka sa Stop Loss, wato umarnin da zai fitar da kai idan hasashenka bai yi ba? Ƙasa da 98, amma ba manne da shi ba, don farashi yakan leƙa ƙasa kaɗan ya dawo. Idan ATR yana nuna 2, wato matsakaicin tsawon kyandir ke nan, sai ka ba shi wannan sarari ka ajiye a 96. Tsakanin 100 da 96 akwai dala 4. Ka raba dala 5 da za ka iya asara da 4, ya ba ka 1.25. Ke nan kwabo 1.25 za ka saya, kuɗinsu dala 125. Sauran dala 375 suna zaune ba a taɓa su ba.

Sai ka dubi sama. Idan tudun da ya wuce yana 108, kana neman dala 8 a kan kowane kwabo, kana kasadar 4. In ka ci ka samu dala 10, in ka faɗi ka rasa 5. Da irin wannan ciniki, ko sau ɗaya ka ci a cikin uku ka dawo da uwar kuɗinka, in ban da ɗan abin da dandali ke cira. Amma a ce akwai wani tudu a 103 da ya sha mayar da farashi baya. Yanzu kana kasadar 4 don neman 3, kuma sai ka ci kusan 57 cikin ɗari kafin ka tashi babu riba babu asara. RSI ɗin bai canza ba, 28 ɗin nan ce, amma na farko ana iya shiga, na biyu a bar shi ya wuce.

Ka kwatanta da abin da ɗalibanmu suke yi. Kibiya ta fito, mutum ya zuba dala 500 gaba ɗaya da ninki goma, ya riƙe cinikin dala 5,000. Saukar nan ta 100 zuwa 96 kaɗai ta cinye dala 200. Ya rage da 300, kuma sai ya samu ribar kusan kashi 67 cikin ɗari kafin ya koma inda ya fara.

*Idan na tsaya duba duk wannan, ba za ta tafi ta bar ni ba?*

Za ta tafi wani lokaci, ka gani da idonka ta hau ba ka ciki. Cinikin da ba ka shiga ba bai rage maka ko kwabo ba, kuma wata alamar tana tafe.

*Ta yaya zan san alamar da nake amfani da ita tana da amfani ma?*

Ka ƙirga. Ka rubuta ƙa'idarka a takarda yadda ba za ta ɗauki fassara biyu ba, ka koma baya a kan kwabo ɗaya da lokaci ɗaya, ka bi kyandir ɗaya bayan ɗaya ba tare da leƙen gaba ba, har ka tara ciniki kamar ɗari. Kowanne ka rubuta shiga, fita da sakamako, ka cire kuɗin dandali. Ka raba su gida biyu, waɗanda suka zo kasuwa tana sama da matsakaicin kwana 200 da waɗanda suka zo tana ƙasa, ka ga bambancin da kanka. Kada ka tsallake waɗanda suka yi muni da hujjar cewa "ai da ni ne ba zan shiga wannan ba". Bayan haka ka gwada a asusun gwaji kafin kuɗin gaske.

Sauran 'yan abubuwa, a gajarce. Kada ka matsar da Stop Loss ƙasa bayan ka shiga. Kada ka yi ciniki da kuɗin aro ko na amana. Maganar halaccin ninki da kuɗin kwana da dillalai ke cira, ka kai ta gaban malaman da suka san harkar kafin ka buɗe asusu. Kuma duk wanda ya ba ka alama ko ya sa ka a rukunin sigina, ka tambaye shi kai tsaye ko yana karɓar la'ada daga dillalin da ya tura ka wajensa, da kuma ko la'adar a kan ribarka take ko a kan yawan cinikin da ka buɗe.