Naira dubu 120 da na kasa kārewa

Farkon takardar neman tallafi da na rubuta wa ƙungiyarmu a Katsina, ta aikin koya wa mata sana'a ce a ƙauyukan Daura, na wata shida. A kasafin na sa layi ɗaya: sufuri, naira 480,000. A wurin bayani kuma na rubuta "domin zirga-zirgar aiki", ina ganin na gama.

Akantanmu, dattijo mai sanyin murya, ya ɗora biro a kan layin. "Malam, zuwa nawa za ku yi?" Na ce da yawa, Yallaɓai. Ya ce masu ba da kuɗi ba su san lambar da ake kira da yawa ba.

Muka zauna da kalkuleta. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, muka ƙara 40 na shiga ƙauyuka, ya zama 200. Motarmu tana cin lita ɗaya a kilomita 8, wato lita 25 kowace tafiya. Muka ɗauki lita a naira 1,000, tafiya ɗaya 25,000 ke nan. Sau biyu a wata, wata shida, tafiya 12: naira 300,000. Alawus ɗin direba 5,000 sau 12, 60,000. Jimla 360,000. Sauran 120,000 fa? Tsoron tashin farashin mai ne ya sa na cusa su, don duk wanda ya ga yadda cire tallafin mai a Mayun 2023 ya wargaza kasafin mutane ba zai manta ba. Tsoron yana da hujja, ɓoye shi ne kuskuren. Akantan ya sa na rubuta farashin lita da watan da na duba shi, kuɗin ko-ta-kwana kuma su tsaya a layinsu, in ƙa'idar masu tallafin ta yarda, don wasu ba sa karɓa sam.

Lissafi kaɗai bai isa ba. Sai da na faɗi dalilin tafiya biyu a wata: ɗaya ta duba horo, ɗaya ta bin matan gida a ga ko kayan da aka ba su suna aiki. Kowace tafiya na jingina ta da lambar aikinta a jadawali. A nan ne muka kama wata ɓaraka: cikin bayanin aiki na ce mata 30, amma abinci na yi wa mutum 34 lissafi. Huɗun nan masu koyarwa biyu ne da direba da ni, sai dai ban rubuta ba, kuma mai duba takarda ba ya karatun zuci. Abin da zai gani aringizo ne.

Yanzu kafin in tura, ina ba wani abokin aiki bayanin kaɗai, ba tare da teburin kasafi ba, ya fitar min da jimlar kowane layi. Inda lambarsa ta saɓa da tawa, can nake komawa.