Tef ɗin da nake auna wa mutane yadi ne ya tona min asiri

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa, kuma shekara da shekaru ina ganin ai ni mai aikin wahala ne tunda tun safe nake shago sai magariba. Ranar da na je asibiti saboda wani ciwon kai da ya ƙi tafiya aka ɗaura min abin awon jini a hannu ya nuna 150 bisa 95, ma'aikaciyar ta sake aunawa bayan na ɗan huta, kusan haka ya sake fitowa, ta ce in dawo wata rana a ƙara gwadawa don ba a yanke hukunci da awon rana ɗaya. Na dawo, bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, wanda daga nan ne ake cewa hawan jini. Ta ce “Malam kana motsa jiki kuwa?” na ce ai wuni nake a kasuwa. Ta yi murmushi ta ce “a kasuwar tafiya kake ko zama?” Na rasa ta cewa, don gaskiya daga benci sai kanta, ko canji ne yaron shago nake aika.

Aka ba ni magani, kuma har yau ina sha, kar wani ya karanta wannan ya ajiye nasa. Ta ce in haɗa da tafiya, wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsi matsakaici, wato rabin awa sau biyar kenan.

Ranar farko na yi wauta. Na fito da sassafe da silifas na ce sai na yi awa guda tunda ni ba rago ba ne, na yi kuwa, amma washegari ƙwaurina kamar an doke shi da sanda, ga bororo tsakanin yatsu inda igiyar silifas ta goge, kwana huɗu ina ɗingishi ko bakin titi ban leƙa ba. Da na warke sai na sayi kambas mai ɗan faɗi a gaba da safa, na koma minti goma sha biyar, kowane sati in ƙara biyar har na kai talatin. Dabarar da ta riƙe ni ita ce na daina ware wa tafiyar lokaci na musamman, kawai nake sauka daga mota kafin a kai kasuwa in ƙarasa da ƙafa, tunda dole ne in buɗe shago ka ga babu maganar yau na gaji. Saurin kuma ga yadda aka koya min in gane shi: in kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, to ka yi daidai, in kana haki har maganar na yankewa ka rage. Ma'aikaciyar asibitin kuma ta ja min kunne cewa in na ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ko numfashi ya ƙi, in tsaya in nemi asibiti, ba a yin jarumta da wannan.

Bayan sati shida barci ya gyaru, na daina haki in na ɗauko bandir daga sito, sai na ɗauki tef ɗina na auna cikina daidai saitin cibiya. Inci 40. Ranar da na fara ma inci 40 ne. Tsawona inci 67, kuma ƙa'idar da aka ba ni ita ce ƙugu kar ya wuce rabin tsawon mutum, nawa ya kamata ya tsaya wajen 33 da rabi kenan. Raina ya ɓaci sosai, na ce wa maƙwabcina mai sayar da takalma wannan tafiya wahalar banza ce. Shi kuwa ko kallona bai yi ba, ya nuna ƙarƙashin bencina da baki ya ce “Alhaji ƙirga kwalaben can tukuna.”

Lemon kwalba ne, babba mai rabin lita. Da ɗaya nake sha da rana, amma tunda na fara tafiya sai ya zama ina isowa da gumi in ce yaro ya miƙo mai sanyi ai na yi aiki, da rana kuma in ƙara wani. Na juya robar na karanta ɗan rubutun bayan, wanda ban taɓa kallo ba a rayuwata: sukari kusan giram 10 da ɗoriya a kowane mililita 100, wato kwalba ɗaya ta haura giram 50, ƙaramin cokalin shayi kuma giram 4 yake ɗauka, ka ga cokali goma sha uku kenan a kwalba ɗaya. Biyu 26, ga cokali huɗu a shayin safe, talatin cif kafin a zo maganar abinci. Abin da hukumar nan ta ce kar babba ya wuce a rana kusan giram 50 ne, kwalba ɗaya ta cinye shi kaf. Tafiyar rabin awa ga mai jiki irin nawa abin da take ƙonawa bai fi kalori 150 ba, kwalbar kuma ta haura 200, ashe abin da na zubar a hanya cikin minti talatin nake mayarwa har da riba cikin minti biyu. A matsayina na ɗan kasuwa wannan lissafin ya fi komai yi min ciwo.

Ban yanke komai lokaci ɗaya ba, na riga na ga abin da gaggawa ta yi wa ƙafata. Kwalbar safe na fara cirewa, na ajiye gorar ruwa a wurin da hannuna ya saba kaiwa, sati na farko ruwan ko daɗi babu. Shayi daga cokali huɗu zuwa uku, bayan sati biyu zuwa biyu, abin mamaki harshe yana sabawa, yanzu in aka zuba min huɗu ji nake kamar zuma nake sha.

Sai na gano wata matsalar, ciye-ciye. A kasuwa duk mai tallan soye-soye ta gabanka zai wuce, kuma na lura ba yunwa ke sa ni saya ba, ranar da babu ciniki na fi ci, zaman shiru ne kawai. Kuma in na tsallake abincin rana saboda kwastoma, da dare sai in ci na mutum biyu in kwanta a kai. Na roƙi uwargida ta riƙa zuba min abinci a kula, ta rage shinkafar ta ƙara wake da ganye, gishiri ma a sassauta tunda duk na yini bai kamata ya wuce giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen ɗanɗano da burodi. Nan kam sai da muka ɗan yi ja-in-ja, ta ce “maigida in miya ta yi salam kar in ji ƙorafi.” Na yi ƙorafin kuwa, sati biyu.

Wata na bakwai kenan yanzu. Tef ya nuna 37, da saura kafin 33 da rabi, kuma akwai watan da ciniki ya buɗe na yi kwana goma ban taka ko'ina ba har kwalba biyun ta dawo. Awon jini na ƙarshe 132 bisa 84, da magani. Jiya maƙwabcin nawa ya leƙo ya ce in ara masa tef, na miƙa masa, ya shige can cikin shagonsa ya juya min baya kafin ya ɗaga riga.