Lod ya kai 48, na sa oga ya ninka kuɗin saba a banza

Har yanzu in na tuna sai in ji kunya wallahi. Ƙarfe biyar na asuba alat ya tashe ni, sabarmu mai CPU 8, kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu, wai lod ya wuce iyaka. Na buɗe laftof ido rabi a rufe na buga `uptime`:

```
load average: 48.12, 47.20, 45.31
```

48 a kan CPU 8. Lissafin da kowa ya haddace shi na yi, raba lod da yawan CPU da `nproc` ya ba ka, in ya wuce ɗaya akwai matsala, to ni shida na samu. Ban duba komai ba bayan wannan, ko `top` ban buɗe ba. Ina idar da sallah na kira oga na ce ranka ya daɗe saba ta yi mana kaɗan, in ba a ƙara ba yau kwastomomi za su ji a jikinsu. Ya ce ka tabbata? Na ce na tabbata. Wajen ƙarfe takwas ina isa ofis a Wuse na mayar da ita CPU 16, kuma don tsabar azarɓaɓi na zaɓi tsarin da ke ƙara har da diski, wanda a wurin masu ba mu hayar saba in ka ƙara shi ba ya raguwa. Ta yi ribut, lod ya dawo ƙasa da ɗaya, na yi ta yawo a ofis ina baza kafaɗa.

Washegari da asuba alat ya sake bugawa. 47 da ɗoriya, a kan CPU 16.

Sai a lokacin na buɗe `top`, abin da ya kamata in yi tun jiya, minti ɗaya bai ci ba:

```
%Cpu(s):  1.8 us,  0.6 sy,  0.0 ni, 97.4 id,  0.1 wa
```

Kashi 97 cikin ɗari CPU zaune take ba ta komai. Shafinmu ma na buɗe a waya yana tashi garau, wato jiya ma babu kwastoman da zai ji komai a jikinsa, ni kaɗai na tsorata kaina.

Abin da na sani a ka amma ban taɓa ganinsa da ido ba shi ne, lod a Linux ba ma'aunin CPU ba ne, ƙidayar ayyuka ce. Duk daƙiƙa biyar tsarin yana ƙirga ayyukan da ke gudana ko suke layi suna jiran CPU, waɗanda `ps` ke sa wa `R`, sannan ya haɗa da waɗanda ke cikin `D`, barcin da ba a katsewa, yawanci masu jiran diski ko wata ma'ajiya ta hanyar sadarwa. Daga nan ake fitar da lambobin nan uku na minti 1, 5 da 15. Tun 1993 aka sa `D` cikin lissafin, wani Matthias Urlichs ne ya aiko da gyaran, don haka ba sabon abu ba ne, ni ne na yi sakaci. Duk wanda ya kwana a layin mai a Abuja zai gane: motoci hamsin a layi, famfo takwas, amma ba famfon da ke zuba don tanka ake jira. Ka ƙara famfo takwas, layin nan ko mota ɗaya ba zai ragu ba. Famfo na je na saya.

Na ƙirga su:

```
ps -eo state,pid,lstart,cmd | grep '^D'
```

Sai ga `rsync` jere reras, 47, kowane ya fara minti biyar bayan na gabansa, na farko ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna na dare. Kai na ya yi dum. Ni da hannuna na rubuta layin `cron` ɗin nan, duk minti biyar ya kwafe fayiloli zuwa akwatin ajiyar da ke ofis, wanda muka haɗa ta NFS, tsarin haɗa ma'ajiya ta hanyar sadarwa, da zaɓin `hard`. Shi `hard` in ɗaya ɓangaren ya ɓace ba ya haƙura, jira zai yi ta yi har ya dawo. `dmesg` ma cike yake da `nfs: server ... not responding, still trying`. Ashe batirin inbatar ofis ne ya tsufa, in an ɗauke wuta da dare zuwa ƙarfe ɗaya ya mutu, akwatin ya mutu da shi. Kowane `rsync` ya zo ya maƙale, 12 a awa, awa huɗu 48. Da safe maigadi ya tada janareta, akwatin ya dawo, duk su farka su gama. Wato jiya ko ban taɓa komai ba ƙarfe takwas lod zai sauka da kansa, janaretan maigadi ne ya yi aikin ni kuma na karɓi yabo.

Wani abu da ya so ya sake rikita ni shi ne `wa` ɗin nan 0.1 na `top`, kason lokacin da CPU ke zaune ana jiran ajiya. Na ɗauka in dai jiran ajiya ake dole `wa` ya hau. Ba dole ba ne, irin wannan jiran amsar NFS yana shiga lod amma bai shiga `wa` ba, don haka kar ka ga `wa` a ƙasa ka ce babu mai jira, ƙirga `D` da kanka.

Da na ba Malam Bala labari, shi ne ya koya min aikin nan tun muna Jos, dariya ya yi har da tari, ya ce kai yaro ai gara kai, wasu kashi ɗari na CPU suke gani su ruɗe. Kuma gaskiyarsa. Kason CPU yana gaya maka yawan lokacin da take aiki ne kawai, kuma yana tsayawa a ɗari. CPU 8 da ayyuka 8, kowa na da wurinsa babu mai jira, ɗari za ka gani. CPU 8 da ayyuka 30, 22 suna layi, ɗarin dai za ka gani. Na farko cin moriyar kuɗinka kake, na biyu ne cunkoso, kuma kason ba zai taɓa bambance maka su ba. Abin da ke bambancewa shi ne tsawon layin, ginshiƙin `r` a `vmstat 1`, in ya daɗe yana sama da yawan CPU to da gaske ta cika. Ko ka duba `/proc/pressure/cpu`, yana nan tun Linux 4.20 in an kunna shi, layin `some` zai gaya maka kashi nawa na lokaci wani aiki ya yi yana jiran CPU. A daren nan na biyu `r` nawa tsakanin 0 da 1 yake yawo. Da shi na kalla ranar farko da ban kira oga ba.

Gyaran kansa ba wani abu, na sa `flock -n` a gaban `rsync` don in na baya bai gama ba sabo kar ya tashi, yanzu ko akwatin ya mutu lod da ɗaya kawai zai ƙaru. Alat ɗin ma na canza shi, ba ya tashi na don lod kaɗai sai in `r` ya zarce yawan CPU na minti goma, sannan na yi wani daban mai ƙirga `D`. An sayi batir.

Sabar kuwa tana nan da CPU 16 da ƙaton diskinta, kashi 2 zuwa 3 take aiki, sai na samu ƙarshen mako na kwashe komai zuwa ƙarama kafin mu huta da biyan kuɗin. Wata biyu ke nan ban samu ba. Duk ƙarshen wata in takardar biya ta zo da dala, oga ba ya cewa komai, turo min ita kawai yake a waya.